Rubutun da Ba Ya Fita

A layin masu gyara, idan ka ce Injiniya babu mai tambayarka wanne. Akwai mai naɗin fanka, akwai mai janareta, masu gyaran waya kuwa har sun yi wa layin yawa, amma Injiniya guda ne: dattijon nan na shagon kusurwa, wanda tsofaffin rediyoyi suka yi wa katanga tun daga ƙasa har rufi. Rabinsu masu su sun manta da su, rabi kuma shi ne ya ƙi rabuwa da su. Kullum da safe zai share bakin shago, ya jona ƙarfen dalma a wuta, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya zauna jiran wanda kayansa ya yi gardama.

Kunnensa ne ya samo masa suna. A zamanin da yake ganiyarsa, ana kawo masa rediyo ko sifika ba ya saurin ɗaukar sukundireba. Sai ya ce a kunna, ya karkata kai gefe, ya lumshe ido, can ya ce, "Kashe. Na ji ta." Idan ya buɗe kuwa, abin da ya faɗa shi ake tararwa. Mutane suka riƙa ba da labarinsa suna ƙara gishiri, shi kuma bai taɓa rage ko ƙwaya ba. Mutum ne mai son a yaba masa, wannan kam ko shi ba zai musa ba.

Da kunnen nan ya koyi Turanci. Duk rediyon da ya gyara sai ya gwada ta a tashoshin waje, yau da gobe har maganar ta zauna masa. Ba ya iya dogon zance da shi, amma yana ji sarai, yana kuma karantawa, albarkacin takardun da ke zuwa cikin kwalin kaya. Wannan Turancin bai taɓa yi masa amfani a kasuwa ba. A gida ya yi masa rana.

Matarsa, wadda 'ya'ya da maƙwabta ke kira Inna, tela ce, kekenta na bakin taga a falo. Ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, karatun boko ma bai dame ta ba, amma Allah ya jarabce ta da son fim. Kuma tana da murya. Idan Inna ta yi raɗa, maƙwabta na amsawa. Tun da yara suka watse, kowa ya kama gidansa, sai ya zama an yi musu wata ƙa'ida: an ci abincin yamma, an rufe keke da zane, a soka filas mai ɗauke da fim a bayan talabijin, Injiniya ya zauna a kujerarsa mai hannu ɗaya, Inna a doguwar kujera da ƙwaryar maɓallai a cinya. 'Yan fim su yi magana, ita ta ce, "Malam, me ya ce?" shi kuma ya juya mata. Ba juyawa kawai ba, har murya yake canzawa: ta ɓarawo daban, ta alƙali daban, ta budurwa kuwa sai Inna ta yi dariya har maɓallai su zube. Duk yinin Injiniya, wannan sa'ar yake jira. A shago ana biyan buƙata ne a tafi, a nan kuwa mutum guda ce take kallon bakinsa kamar babu wani mai magana a duniya.

To, sai kunnen ya fara ja da baya, a hankali, ba sallama. Kukan tsuntsayen da ke kan wayar lantarki ya fara ɗaukewa, sannan 'yar ƙarar da ƙarfen dalma ke yi. A shago ya samo dabara: ya ɗora yatsa a kan takardar sifika yana jin rawarta, ya fi dogara da mitar gwajin wuta, amma bai fasa karkata kai da lumshe ido ba, don masu kawo gyara sun saba gani. Maganar mutum idan yana gabansa yana kallon bakinsa, tana shiga. Ta Inna kuwa ko ta bayan bango ce tana isowa, shi ya sa ba ta lura da komai ba. Inda abin ya ci tura shi ne fim. 'Yan fim ba sa magana sai da kiɗa a ƙarƙashi, ko mota na wucewa, ko sun juya wa mutum ƙeya. Sai ya zama yana tsintar kalma biyu ya ɗinke sauran da tsammani. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai gaya wa kowa ba. Mutumin da aka sani da kunne, a ce kunnen ya tafi, me ya rage? Kuma idan Inna ta ce "me ya ce?" ya rasa amsa, shi ke nan sa'ar nan ta mutu.

Fina-finan daga wurin Dogo yake karɓo su, maƙwabcinsa a layi, mai shagon tura fim da waƙoƙi a waya da filas. Dogo magidanci ne mai tsayi kamar falwaya, kullum a sunkuye kan kwamfuta, da igiyoyin caji rataye a wuyansa. Wata rana ya tura wa Injiniya wani fim da ya sauko da shi, da aka kunna a gida sai ga farin rubutu a ƙasan hoto, duk abin da ɗan fim ya faɗa yana fitowa da Turanci. Injiniya ya ji wani sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ranar ya yi fassarar da ya daɗe bai yi irinta ba, har da ƙarin tari da gyaran murya.

Inna dai ba ta ji daɗi ba. "Wannan tururuwar da ke yawo a ƙasa fa? Ta rufe mini hannun rigar yarinyar, ina son in ga yadda aka yanka shi. Kai da kake jin Turanci, me za mu yi da rubutu? Cire mana."

Ya ɗauki rimot, ya danna maɓallin rubutu. Talabijin ta nuna babu komai a wurin, rubutu kuma yana nan daram. Ya sake dannawa, da gaskiyarsa, bai motsa ba.

Washegari ya leƙa shagon Dogo. "Wai ni, rubutun jiya, ya aka yi ya ƙi fita?"

"Ai ƙonanne ne, Baba Injiniya," in ji Dogo, ya jawo masa benci. "Iri biyu ne. Akwai wanda aka gasa shi a jikin hoton tun kafin ya zo hannuna, ya zama hoto shi ma, kamar zanen da ke jikin atamfa. Wannan babu maɓallin da zai kashe shi. Sai dai a rufe wurin, ko a yanke ƙasan hoton, ko a nemo wani kwafin da ba shi da shi. Akwai kuma ɗorarre. Shi yana zaune ne daban a cikin fayil ɗin, kamar yadda sauti yake daban, talabijin ce take ɗora shi a kan hoto lokacin da ake kallo. Ka ce ta ɗora ta ɗora, ka ce ta sauke ta sauke."

Ya buɗe wani fim a kwamfuta, ya yi 'yan danne-danne, ya nuna masa jerin rubutun da ke ciki: na Turanci, na wasu yaruka biyu, da layin kashewa a sama. Ya buɗe na jiya, jerin fayau, ga kuma rubutu a kan hoto. "Ka gani? In jeri babu komai amma rubutu na fita, to a jikin hoton yake. Wani lokacin kuma ɗorarren ba a cikin fim ɗin yake ba, ɗan ƙaramin fayil ne a gefensa, sunansu ɗaya. Ka ɗauke shi daga wurin, rubutu ya ɓace."

Injiniya ya shafa gemu. "Wato yawancin waɗanda kake ba ni, akwai rubutu a ciki, ba a dai kunna ba?"

"Da yawansu. Wanda babu ma ina iya nemo masa."

"To ka riƙa sa mini. Jikoki ne, suna koyon karatu."

Dogo ya san jikokin Injiniya sai an yi hutu suke zuwa, amma mutum ne da ba ya tambayar abin da ba a gaya masa ba. Ya ce to.

A gida kuwa Inna ba ta zauna jiran kowa ba. Da ta ji an ce ƙonanne ba ya fita sai dai a rufe, sai ta auna faɗin talabijin da tef, ta yanko baƙin ƙyalle, ta yi masa kalmasa, ta zura roba. Injiniya ya dawo ya tarar talabijin ta sha ɗamara a ƙugu. Aiki ya yi kyau, babu zare ko ɗaya a waje, rubutu kuma ya ɓace tas, tare da takalman 'yan fim da duk abin da aka ajiye a kan tebur. Ranar ya sha wuya. Ya ce kansa ke ciwo, aka kashe da wuri. Bayan kwana biyu ɗamara ta yi ɓatan dabo, Inna ta birkice falo ba ta gan ta ba. Injiniya ya ce shi dai ya ga wani ɓera yana kai da kawo. Ɗamarar tana shago, cikin wata tsohuwar rediyo da ba ta da hanji.

"Kuma ko kin ɗinka wata, zafi take tara wa talabijin," ya ce, da muryar da yake yi wa masu kawo gyara. A maganar kayan wuta ba a ja da Injiniya, sai Inna ta haƙura.

Daga nan ya shiga aikin da ya fi ƙwarewa a kai. Talabijin ɗinsu irin mai riƙe saiti ce, in an kunna rubutu sau ɗaya, duk fim ɗin da ke da shi za ta ɗora. Ya kunna. Sannan ya tafi da rimot shago da sunan zai goge masa datti, ya ɓare shi, ya yanko ɗan salatif bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya manna a ƙarƙashin maɓallin rubutu, ya mayar ya rufe. Ko wanda ya ƙera rimot ɗin ba zai ga alama ba. Duk fim ɗin da aka sa, Inna ta yi ƙorafi, sai ya miƙa mata. "Danna da kanki." Ta danna har yatsa ya yi zafi. "Kin gani? Shi ma ƙonanne ne. Duk haka suke zuwa yanzu, sai haƙuri." Inna ta yi tsaki ta la'anci masu ƙone-ƙone, shi kuma ya ci gaba da fassara, ido ɗaya a ƙasan hoto. Ya kan ji ɗan nauyi a ƙirji idan ya ga tana leƙen wuyan riga ta saman rubutu, amma ba nauyin da zai hana shi cin abinci ba. Aka daɗe a haka lafiya lau.

Sai Auta ta zo kwana. Ita ce ƙaramarsu, tana aure a can wani gefen gari, tana aiki a shagon buga takardu, kwamfutarta ba ta rabuwa da jakarta. Halin uban ta ɗauko kaf: ba ta iya ganin abu ya ƙi aiki ta ƙyale shi. Da yamma aka sa fim, Inna ta fara ƙorafin da ta saba, ta ƙare da cewa, "Babanki ya ce duk ƙonannu ne."

Auta ta matsa kusa da talabijin, ta tsayar da hoton. "Anya, Baba? Dubi fa. Hoton nan ya ɗan dushe, amma rubutun tar yake, kamar yanzu aka buga shi. Ƙonanne tare suke dushewa da hoto."

"Ke dai zauna a yi kallo," in ji Injiniya.

Ina, ta riga ta karɓi rimot. Ta danna maɓallin rubutu, shiru. Injiniya ya gyara zama, yana jin daɗin aikin hannunsa. Amma sai ta ce, "Inna, zo ki ga wata dabara, ba sai kin iya karatu ba." Ta danna maɓallin da ke kumbura hoto. Fuskar ɗan fim ta cika talabijin, kunnuwansa suka fice ta gefe, rubutu kuwa yana nan inda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. "Kin gani? Da a jikin hoton yake, da tare za su kumbura, har ƙasansa ya yanke. Tunda hoto ya tafi ya bar shi, ɗora shi aka yi. Kamar leshin da kika ɗinka a bakin zane ne, ana iya farke shi zane bai san an yi ba."

"Ikon Allah," in ji Inna, ta karɓa ta danna da kanta, hoto ya kumbura ya sace, ya kumbura ya sace. Abin ya burge ta ƙwarai.

"Maɓallin ne kawai ya mutu," Auta ta ce. "Gidan mai gyara ke nan! Amma akwai wata ƙofar." Ta shiga menu, wato jerin saitin talabijin, ta gangara zuwa wurin rubutu, ta zaɓi kashewa. Ƙasan hoto ya wanke fes. Wannan ƙofar Injiniya ya san da ita sarai, ya dai yi zaton babu mai bi ta nan, tunda Inna ba ta taɓa shiga menu ba.

Inna ta yi guɗar da ta sa karen maƙwabta haushi. "Yau ga takalma! Malam, ashe kai ma akwai abin da ya fi ƙarfinka. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. To, mu je. Me ya ce?"

Injiniya ya dubi talabijin. Wani mutum ne cikin doguwar kwat, a tashar jirgin ƙasa, yana magana da wata mata mai jaka, ya ba da rabin baya. Ƙarƙashin maganar ga kiɗa, ga jirgi na huci. Abin da ke isowa kunnensa bai fi gunjin ruwa a cikin bututu ba. Ya ce a ƙara murya, aka ƙara, gunjin ya ƙaru. Da ya ce kansa ke ciwo da ya tsira, amma ya riga ya ci wannan dabarar, kuma ga Auta. Sai ya gyara murya ya faɗa ruwa.

"Ya ce mata, ƙanwata, ki gaida gida, ki ce wa Mama ina nan tafe."

"Allah sarki, wa da ƙanwa," in ji Inna.

Ba ta rufe baki ba mutumin ya fizge jakar matar ya zura da gudu, ita kuma ta bi shi tana kururuwa.

"Af! Wane irin wa ne wannan?"

"Wasa suke yi," in ji Injiniya. "Tun suna yara haka suke."

Auta ta tuntsire da dariya, ta ɗauka tsokana ce irin ta Baba. Ya samu ƙarfin gwiwa ya ci gaba. Ya mai da wani mai farar riga likita, sai ga shi yana yanka nama a bayan kanta. Ya ce wata tsohuwa tana yi wa ɗan sanda godiya, sai ta kwaɗa masa lema. Kowane karo yana da bayani, kuma don Allah labarin da yake ƙirƙira ya fi na masu fim ɗin daɗi, sai dai ba ya haɗuwa da hoto ko ta ina. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi. A hankali ya lura dariyar Auta ta ɗauke. Ta daina kallon talabijin, shi take kallo. Inna ma ta daina cewa me ya ce. Ta ajiye ƙwaryar maɓallai, ta tashi ta shiga kicin.

Ya zauna yana kallon bakin 'yan fim yana motsi. Bai san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, sai ya ga Auta ta ɗaga kai tana duban bayansa, idonta ya ciko. Ya juya. Inna ce tsaye a ƙofar kicin da kofin shayi a hannu, bakinta na motsi, babu abin da ke fitowa. A duk zamansu bai taɓa ganin Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa ba, sai yau, kuma ya gane da gangan ta yi, ya gane ba sau ɗaya ta kira shi ba. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Shayinka, Malam," ta ce, da muryarta ta kullum, wadda ta sa cokali rawa a kofi. Ta ajiye masa. "Ku kashe abin nan, fim ɗin ba shi da kan gado."

Da safe ya fita da wuri, ya buɗe shago, ya kasa aiki. Wani ya kawo sifika, ya karkata kai ya lumshe ido, sai ya ji abin ya yi masa banbaraƙwai, ya ce a dawo gobe. Tunaninsa ɗaya: yanzu Inna ta san ƙofar menu, ta san dabarar kumbura hoto, ta kuma san abin da ya fi waɗannan. Ko ya mayar da rubutu, da wane baki? Ya ce a kunna masa don ba ya ji? Shi Injiniya? Ya fi ganin za ta daina sa fim ɗin ne gaba ɗaya don kada ta ba shi kunya, su zauna da yamma kowa na kallon bango, tana tausayinsa. Wannan tausayin ya fi tsoro fiye da kurumtar.

Rana ta yi tsaka kafin ya ja ƙafa zuwa shagon Dogo, ba don yana da wata dabara ba, don dai zama ya gagare shi.

"Baba Injiniya! Ai yanzu Inna ta bar nan," in ji Dogo, yana fuskantarsa sosai, yana buɗe baki da kyau. Sai a lokacin Injiniya ya lura Dogo ya daɗe yana yi masa magana haka. "Yau na ga aiki. Ta zo da filas, ta ce ƙonannu take so zalla, na Turanci. Na ce Inna, mutane gudunsu suke yi, yawanci hotonsu bai kai na sauran kyau ba, kuma in kin gaji da rubutun babu yadda za ki yi. Ta ce ta sani, shi ya sa."

"Ita ta ce haka?"

"Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ba ta yarda da bakina ba, sai na soka a talabijin ɗin shago. Ta karɓi rimot tana kumbura hoto ɗaya bayan ɗaya. Wanda rubutunsa ya kumbura tare da hoto ta ce a sa. Biyu suka tsaya cak, ta ce in cire, waɗannan kowane mai karambani zai iya kashe su. Na ce ai da akwai wanda take so a cikinsu, mai kayan amare. Ta ce in gasa masa rubutun a jiki in ana iyawa. Na ce ana iyawa, sai dai kwamfuta za ta daɗe tana juya shi. Ga shi can yana kan wuta." Ya nuna wani koren layi da ke rarrafe a kan allo. "Na ce rubutun zai rufe miki ɗinki fa. Ta ce ɗinki ta gani ta ƙoshi."

Injiniya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Dogo ya sunkuya kan kwamfutarsa kamar an kira shi. Da ya koma shago, sai ya ɗauko tsohuwar rediyon nan marar hanji, ya zaro baƙar ɗamara, ya kakkaɓe ta, ya ninke ya sa a aljihu.

Da yamma Auta ta riga ta koma gidanta. An ci abinci, an rufe keke. Ya tarar an ja doguwar kujera ta dawo dab da tasa, ta ɓangaren kunnen da ya fi dama-dama. Ya ajiye ɗamarar a kan keke. Inna ta dube ta, ta dube shi.

"Ɓeran ya dawo da ita?"

"Ya dawo da ita."

"Ɓera mai amana." Ta jefa ta cikin kwandon ƙyallaye, ta soka filas da kanta, ta zauna. Hoto ya fito, ɗan dishi-dishi, da farin rubutu kwance a ƙasa. Ta ɗauki rimot ta kumbura hoton, rubutu ya kumbura har ƙafafunsa suka yanke, ta mayar. Ta shiga menu, abin da ba ta taɓa yi ba sai yau, ta gangara daidai inda Auta ta nuna mata, ta juyo masa da fuska.

"Ka gani, Malam? Babu abin kashewa. Wannan ƙonanne ne na gaske, na gwada da hannuna. Ko Auta ta zo ba ta da yadda za ta yi. Sai haƙuri."

"Sai haƙuri," in ji Injiniya.

"Kuma jibi za ka raka ni wurin likitan kunne. Nawa ne yake mini ƙaiƙayi. In mun je, tunda an riga an je, sai ya leƙa naka."

Ya buɗe baki zai yi gardama, irin ta mutumin da ba a ja da shi, sai ya rufe. A talabijin wani mai gemu ya buɗe ƙofa ya shigo, ya yi magana, rubutu ya biyo. Inna ta jawo ƙwaryar maɓallai kan cinya, ba ta ko kalli hoton ba, bakinsa take kallo.

"To, me ya ce?"

Injiniya ya tura tabarau sama, ya karanta a fili ba tare da satar kallo ba, ya nemo muryar mai gemu daga can ƙasan maƙogwaro, ya fara.